Idan Ƙarar Cokali Ta Zama Azaba: Haifarakusis da Yadda Ake Sake Horar da Kunne

Cokali ya suɓuce ya faɗi a kan siminti. Yaro ya ƙyalƙyale da dariya a tsakar gida. An ajiye murfin tukunya a kan faranti, mai a-daidaita-sahu ya danna hon a bakin layi. Yawancinmu ko waiwaye ba ma yi, domin kunne ya daɗe da sabawa. Amma akwai mutanen da kowace ɗaya daga cikin waɗannan ƙararraki takan sa su zabura su dafe kunnuwa, wasu har da hawaye. Sukan ce ƙarar ta yi musu ƙarfi fiye da yadda za su iya ɗauka, ko su ce suna jin suka a can cikin kunne, ko zafi da ke bin muƙamuƙi ya gangara wuya. Likitoci suna kiran wannan lalura haifarakusis.

Abin da ya fi ci wa masu ita rai shi ne ba a ganin komai. A leƙa kunnen, ba ƙurji, ba ruwa, ba jini. Sai a fara yi musu fassara: wannan raki ne, wannan son jiki ne, ba ta son 'ya'yan mutane ne shi ya sa take korar su, ko kuma a ce iska ce ta shafe shi. Ni a ganina wannan fassara tana yi musu illa kusan daidai da cutar, domin ita ce ke tura mutum ya shige ɗaki ya kulle ƙofa ya cusa auduga a kunne. Kuma wannan matakin, wanda kowa zai ɗauka shi ne mafita, yana cikin manyan abubuwan da ke sa lalurar ta yi kanta.

Yadda ake auna ta

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Raɗa ba ta wuce desibel 30. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Titi mai cunkoson motoci yakan kai 80 zuwa 85. Idan ka tsaya dab da lasifikar biki, abin yakan haura 100. Kusan duk ƙarin desibel 10 kunne yana jin ƙarar ta ninka, don haka tazarar da ke tsakanin 60 da 100 ba ƙarama ba ce.

Masanin ji, idan ya zaunar da mutum a ɗakin gwaji ya sa masa abin saurare a kunne, abubuwa biyu zai nema. Na farko shi ne sauti mafi rauni da mutum ke iya ji. Na biyu shi ne inda sauti ke fara damun sa: ana ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan har mutum ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Mai lafiyayyen kunne yakan ɗaga hannu ne a wajen desibel 100. Mai haifarakusis yakan ɗaga a 70, ko 60, wani ma ƙasa da haka. Wanda iyakarsa ta sauko 65, muryar matarsa idan ta ɗan ɗaga ta ta riga ta kai masa iyaka.

Mutane sukan ɗauka mai wannan lalura ya fi kowa jin ƙananan sautuka. Ba haka gwaji ke nunawa ba. Sauti mafi rauni da yake ji daidai yake da na kowa, wani lokaci ma jinsa ya ɗan ragu. Abin da ya sauya shi ne iyakarsa ta sama, wadda ta sauko ƙasa ta matse shi. Kuma da yawa daga cikinsu, mafi yawansu ma, suna fama da tinitus, wato ƙugi ko shuuu da mutum ke ji a kunne alhali babu abin da ke ƙara a waje.

Richard Tyler na Jami'ar Iowa a Amurka da abokan aikinsa sun kasa lalurar gida huɗu a 2014: wadda ƙara ke yi wa mutum ƙarfi, wadda ke fusata shi, wadda ke tsorata shi, da wadda ke sa shi jin ciwo na zahiri. Sau da yawa mutum ɗaya yana da biyu ko uku a haɗe. Amfanin wannan rabo shi ne horon da zan bayyana ya fi yin aiki a kan ta farko, ta ƙarshe kuwa tana buƙatar taka-tsantsan na daban. Akwai kuma abubuwa biyu da ke kama da ita amma ba ita ba ne. Tsoho mai raunin ji da za a kira shi bai ji ba, a ɗaga murya ya ce a daina yi masa ihu, matsalarsa lalacewar ƙwayoyin ji ce a cikin kunne, kuma abin da ya dace da shi na'urar ƙara ji ce da aka saita da kyau. Wanda kuwa ƙarar taunar abinci ko jan majina kaɗai ke tunzura shi, ko da a hankali aka yi, wannan misofoniya ce, kuma ba ƙarfin sauti ne ke damun sa ba.

Abin da ya fi jawo haifarakusis shi ne cin karo da ƙara mai tsanani, ko dai farat ɗaya kamar fashewar abu ko harbin bindiga kusa da kunne, ko kuma shekaru ana aiki kusa da inji. Bugu a kai, irin na haɗarin babur, yana jawo ta. Tana tafiya da ciwon ɓarin kai, da firgicin da ke bin wanda ya ga tashin hankali, kuma ta yawaita a yara masu otizim. Wani lokaci kuma a bincika ba a ga dalili ba.

Sai dai akwai alamun da idan sun zo tare da ita, asibiti za a nufa kafin a yi maganar kowane horo. Idan ɓarin fuska ya karkace, ido ɗaya ba ya rufuwa, kuma kunnen wannan ɓarin ne ke jin ƙara fiye da kima, jijiyar fuska ce ta taɓu. Ita ce ke sarrafa wata 'yar tsoka a tsakiyar kunne da ke rage ƙarfin ƙara kafin ta shiga ciki, kuma maganin ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana uku. Idan ji ya ɗauke a kunne ɗaya cikin dare ɗaya, shi ma abin gaggawa ne. Idan kuma ƙara tana sa mutum jiri, yana jin takunsa da bugun zuciyarsa, har da motsin idonsa, a cikin kai, to a bincika ƙashin da ke rufe kunnen ciki. Wani likita, Lloyd Minor, ya bayyana a 1998 cewa ɓulewar wannan ƙashi tana kawo irin haka, kuma tiyata na iya gyara ta.

Me ya sa toshe kunne ke ƙara dagula abin

Sauti yana shiga ya girgiza dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa girgizar zuwa kunnen ciki, ƙwayoyin ji su mayar da ita saƙo, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa. Yadda mutum zai ji ƙarfin sautin, a ƙwaƙwalwa ake yanke shi. Ita kuwa ba ta tsayawa a mataki ɗaya. Idan saƙon da ke zuwa daga kunne ya ragu, sai ta ƙara ƙarfin karɓarta don ta cike giɓi. Idan saƙo ya wadata, sai ta rage. Bayanin da masana suka fi karkata a kansa shi ne, a mai haifarakusis wannan ƙarin ya wuce gona da iri ya kuma tsaya a sama, sau da yawa bayan ƙara ta yi wa kunnen ciki wani ɗan lahani da gwajin ji na yau da kullum ba ya kamawa.

Duk wanda ya taɓa yini a ɗaki mai duhu ya fito da tsakar rana ya san yadda haske ke sukar ido. Ranar ba ta ƙara zafi ba, idon ne ya saba da duhu. Idan ya koma ɗaki ya ƙara rufe taga, fitowarsa ta gaba za ta fi wuya.

An gwada wannan a kan kunne. A 2003, Craig Formby da abokan aikinsa a Jami'ar Maryland suka ɗauki mutane masu lafiyayyen ji. Wasu aka toshe musu kunnuwa kusan dare da rana na mako biyu, wasu aka sa musu ƙananan na'urori masu fitar da shuuu mai taushi na tsawon wannan lokaci. Bayan mako biyu, waɗanda aka toshe wa kunne suka riƙa jin sauti ya fi ƙarfi fiye da da, waɗanda suka zauna da shuuu kuwa juriyarsu ta ƙaru. Sauyin 'yan desibel ne, bai kai goma ba, amma a mako biyu kacal, kuma a mutanen da ba su da wata lalura. To ina ga wanda ya yi wata shida da auduga a kunne?

Ga kuma tsoro da ke shigowa. Mutum ya ji zafi sau ɗaya, sau biyu, sai ya fara tsammanin sa. Yana zaune jikinsa a ɗaure, yana kasa kunne ga duk wani motsi. Akwai wata tsoka ta biyu a tsakiyar kunne da ke jan dodon kunne, kuma ana ganin a wasu mutane takan riƙa ƙanƙancewa da zarar sun yi tsammanin ƙara. Daga nan ake alaƙanta jin kunne ya cika, ko yana rawa, ko zafin da ke bin fuska. Kowace rana da aka yi a ɓoye tana ƙara wa ƙwaƙwalwa tabbacin cewa sauti abin gudu ne.

Hanyar horon da aka fi sani ta samo asali ne daga aikin Pawel Jastreboff, masanin jijiyoyi ɗan asalin Poland, wanda ya wallafa bayaninsa kan tinitus a 1990, ya kuma yi aiki da likitan kunne Jonathan Hazell na Landan wajen mayar da shi magani. Ƙafa biyu gare ta: a fahimtar da mutum abin da ke faruwa a kansa har tsoron ya ragu, sannan a kewaye shi da sauti mai taushi, marar yankewa, na sa'o'i da yawa a rana, ana ƙara shi kaɗan-kaɗan cikin watanni.

Misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

A ƙaddara wata malamar firamare ce mai 'ya'ya uku. Ta je bikin ƙanwarta, aka zaunar da ita kusa da lasifika na tsawon sa'a huɗu. Ta koma gida kunnuwanta na ƙugi. Ƙugin ya ragu bayan 'yan kwanaki, amma sai hayaniyar aji ta gagare ta, sannan wanke-wanke, sannan kukan autanta. Ta fara da auduga, ta koma matoshin kunne na soso da ta saya a kemis, tana sa shi tun asuba har ta kwanta. Bayan wata huɗu ta ɗauki hutu daga aiki, kuma ko ƙarar ruwa a bokiti tana damun ta.

A asibiti an leƙa kunnenta lafiya lau. Gwajin ji ya nuna tana jin sauti tun daga desibel 10 zuwa 15, kamar kowa. Amma ta ɗaga hannu a wajen 65 a kunnuwa biyu. Ba jiri, fuska ba ta karkace ba. Da aka tambaye ta ko zafin yakan daɗe bayan ƙarar ta wuce, ta ce a'a, da an yi shiru sai ya lafa, sai dai gajiya da ciwon kai. Wannan amsar tana da nauyi, domin ita ce ta nuna horon sauti ya dace da ita.

Masanin jin zai fara da magana kafin ya ba ta wani abu. Zai ce mata: "Malama, ƙarar kwano ba ta lalata miki kunne. Tana yi miki zafi, wannan gaskiya ne, amma zafin ba alamar ɓarna ba ce. Abin da ke lalata kunne shi ne desibel 85 na tsawon sa'a takwas, ko abin da ya fi haka na ɗan lokaci. Gidanki bai kai nan ba." Mutane da yawa sun yi watanni suna jin cewa kowace ƙara tana matsar da su kusa da kurumta. Jin wannan bayani daga wanda ya auna kunnensu yakan sauke musu rabin nauyin.

Mataki na farko shi ne kawar da shiru. Sautin da ake so shi ne wanda ba ya hawa da sauka, ba magana a ciki, ba kiɗa, ba ya ba-zata: ƙarar fanka, ta ruwan sama, ko shuuu da ake kunnawa a waya. Wanda zai nema a waya ya rubuta `pink noise`, domin ƙarfin wannan ya fi karkata ga sauti mai kauri, kuma siririn sauti ne ya fi sukar yawancin masu lalurar. Malama za ta ajiye wayar a nesa da ita, ta fara daga inda ba ta jin komai, ta ƙara har ta fara jin sa da ƙyar, ta tsaya nan. Ƙa'idar ita ce kada ya dame ta, kada ya hana ta jin magana, kuma bayan 'yan mintuna ta manta da shi. Idan ta kasa mantawa, ya yi yawa. Ta fara da rabin sa'a sau biyu ko uku a rana, ta riƙa tsawaitawa har ya zama ana jin sa yawancin yini, da dare kuma a bar fanka mai caji ko wayar a gefen gado.

A asibitocin da ke da kayan aiki, ana ba da ƙananan na'urori da ake ratayawa a bayan kunne masu fitar da wannan shuuu, a sa su wajen sa'a shida zuwa takwas a rana. Ana sa su a kunnuwa biyu ko da ɗaya ne ya fi damuwa, kuma ana zaɓar waɗanda ba sa toshe ƙofar kunne. Amfaninsu shi ne sautin yana bin mutum duk inda ya je. Wanda bai samu ba, waya da fanka sun isa a fara. Iyafis mai cusawa cikin kunne dai ba shi ne zaɓi na farko ba, domin yana tare sautin waje, abin da ake ƙoƙarin rabuwa da shi ke nan.

Mataki na biyu, wanda ke tafiya tare da na farko, shi ne yaye kunne daga matoshi. Ba a fizge shi rana ɗaya. A makon farko Malama za ta cire shi a ɗakinta kawai, inda ita ce ke da iko da komai. Mako na gaba ta cire a falo sa'ad da yara ke makaranta. Daga nan ta cire lokacin cin abinci. Idan za ta fita, ta riƙe shi a jaka, domin sanin cewa yana kusa yana rage fargaba, kuma sau da yawa sai a dawo gida ba a taɓa shi ba. Inda ya wajaba ta sa shi, shi ne inda kowa ma ya kamata ya sa: wajen injin markaɗe, kusa da janareta, wajen masu walda, wajen biki. A nan soso ne ya dace, domin idan an sa shi daidai yana rage desibel 20 zuwa 30, auduga kuwa abin da take ragewa bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma matoshin da makaɗa ke amfani da shi, wanda ke rage desibel 9 ko 15 kawai, yana da kyau ga tsaka-tsakin wurare irin kasuwa.

Mataki na uku shi ne ƙara sauti. Idan ta yi mako ɗaya ko biyu a mataki ɗaya ba tare da damuwa ba, sai ta ƙara kaɗan, gwargwadon yadda za ta lura ya ƙaru amma bai dame ta ba. Danna maɓallin waya sau ɗaya yakan yi tsalle da yawa, don haka wani lokaci ya fi sauƙi a matso da wayar taku ɗaya. Banda wannan, za ta ware minti ashirin zuwa talatin a rana ta saurari abin da take so, karatun Alƙur'ani na makaranci mai taushin murya ko wani shirin rediyo, ta saita shi inda ya yi mata daɗi, duk mako ta ɗaga shi kaɗan.

Sai kuma ƙararrakin da take tsoro. Za ta rubuta su a jere daga mai sauƙi zuwa mai wuya: zuba ruwa a bokiti, jera kwanukan roba, jera na silba, daka a turmi, hayaniyar yara a tsakar gida, kasuwa, aji. Ta fara da ta ƙasa, kuma ita da hannunta za ta yi ƙarar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sautin da mutum ya yi da kansa, ya san lokacin zuwansa, ya san zai iya tsayar da shi, ya fi sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba fiye da wanda ya faɗo masa daga baya. Minti biyu yau, minti biyar jibi. Idan abu ya daina tayar mata da hankali kwana uku ko huɗu a jere, ta hau na gaba. Makaranta ma haka: ta fara zuwa ofishin malamai ta zauna sa'a ɗaya, sannan darasi ɗaya a ajin manya, kafin a kai ga 'yan aji ɗaya.

A irin wannan tafiya ba a sa ran ganin sauyi a makon farko. Abin da ake fara lura da shi, bayan wata ɗaya ko biyu, shi ne mutum ya wayi gari ya ga ya gama wanke-wanke bai tuna da kunnensa ba. Idan aka sake gwaji a wata na uku, iyakar Malama na iya hawa daga 65 zuwa 75, a wata na shida ta kai 85, kuma a nan aji ya zama abin da za ta iya. Wasu sukan kai kusa da 100 cikin shekara. Wasu sukan tsaya a tsakiya, su koma aiki amma su ci gaba da kauce wa wuraren biki. Wata shida zuwa shekara ɗaya da rabi shi ne abin da ake gaya wa mutane su shirya masa.

Inda ake yin tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawa, kuma sau da yawa daga dangi take fitowa. Miji ya ji an ce sauti ne magani, sai ya ce to a kai ta kasuwa ta yini, ko ya ƙure rediyo don ta saba. Wannan cutarwa ce. Ƙarar da ta fi ƙarfin mutum tana koya wa ƙwaƙwalwa cewa tsoron da take yi daidai ne, sai a koma baya da aikin makonni. Abin da iyali za su yi shi ne su ci gaba da rayuwa da muryarsu ta kullum, kada su koma raɗa da sanɗa, amma su faɗa kafin su tayar da inji ko su fara daka, kuma su bar mai lalurar ya riƙe maɓallin da kansa.

Ana gane an wuce iyaka da abin da ya biyo baya. Ɗan rashin daɗi a lokacin da ake horo, wanda ya wuce cikin mintuna, ba matsala ba ne. Amma idan an kwana da zafi, ko ƙugin kunne ya ƙaru har washegari, ko sautin da aka ɗauka jiya ya gagara yau, to matakin ya yi girma. A koma inda aka ji daɗi a baya, a zauna a nan mako guda. Koma-baya kuwa zai zo ko an kiyaye: taya ta fashe a kusa, yaro ya yi ihu a kunne, zazzaɓi ko rashin barci ya sa komai ya yi ƙarfi. Yawanci yakan lafa cikin kwanaki. Abin da ke mayar da shi na watanni shi ne a firgita a koma toshe kunne dare da rana. Rage hayaniya na kwana biyu ko uku daidai ne, amma a bar shuuu ɗin nan mai taushi yana yi.

Masu nau'in ciwo na zahiri lamarinsu dabam ne, kuma dole a saurare su. Su ne masu cewa kunnen yana ƙuna ko yana suka, zafin yakan zo sa'o'i bayan ƙarar ya kuma yi kwanaki. Da yawa daga cikinsu sun ba da labarin cewa horon sauti bai taimake su ba, wasu ma ya ƙara musu ciwo. Ana zargin jijiyoyin ciwo na kunne da na fuska suna da hannu, wanda ke nufin rage ƙarfin karɓar ƙwaƙwalwa kaɗai ba zai wadatar ba. Irin wannan mutum ba a ce masa ya daure. Ana fara masa daga ƙasa sosai, a hankali sosai, ƙarƙashin kulawar likita, a dakata da zarar ciwo ya ƙaru, a kuma duba ko akwai ciwon ɓarin kai ko matsalar gaɓar muƙamuƙi da za a yi wa magani.

Ya kamata mai karatu ya san cewa binciken da aka yi kan wannan horo ƙanana ne, mutane goma-goma ne a cikinsu, kuma babu ƙwaya ko ɗigon kunne da aka tabbatar yana warkar da lalurar. Ɗaya daga cikin binciken da aka tsara da kyau an yi shi ne a Uppsala ta ƙasar Suwidin, aka wallafa a 2014. Linda Jüris da abokan aikinta sun raba mutum 60 gida biyu. Rabi suka yi zama shida da masanin halayyar ɗan Adam, inda aka koya musu sassauta jiki, da tunkarar sautukan da suke gudu mataki-mataki, da rage toshe kunne. Rabi suka jira. Waɗanda suka yi zaman juriyarsu ta ƙaru a gwaji, kuma ribar tana nan bayan shekara. Saboda haka idan tsoro da damuwa sun yi yawa, ko mutum ya fara fidda rai da rayuwa, tura shi wajen likitan ƙwaƙwalwa ba yana nufin ana ƙaryata ciwonsa ba ne. Yana cikin maganin.

A Najeriya wurin farawa shi ne sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. A nemi a yi gwajin ji tare da auna iyakar juriya, domin ba kullum ake yin na biyun ba sai an tambaya. A gaya wa mai gwajin tun kafin ya fara, don ya taso daga ƙasa ya tsaya da zarar an ɗaga hannu. Akwai wani gwaji na tsokar tsakiyar kunne da ke sakin sauti mai ƙarfi kai tsaye, ana iya neman a tsallake shi. Injin zuƙe dattin kunne ma yana da ƙara, don haka a tambaya ko za a iya tausasa dattin a cire da hannu. Idan kuma likita ya ce a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'urar nan mai maganaɗisu, ƙararta takan haura desibel 100, sai a sa matoshin soso a ɗora marufin kunne a kai kafin a shiga.